Kafin Ka Nemi Hutu, Wa Ka Bar Wa Aikin?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar wani gida ana shirin ɗaurin aure, sai na lura yayan ango ya tashi har sau uku yana zagayawa bayan rumfa da waya a kunne. Shi ne wakilin ango, shi ake jira ya karɓi auren. Da ya dawo karo na ƙarshe na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, daga ofis ne. Ana neman makullin durowar da littafin cak yake ciki, sannan wani mai kawo musu kaya ya zo ya tsaya a kan cewa an yi masa alkawarin biya a ranar, kuma duk ofishin babu wanda ya san da zancen. Mutumin nan hutu yake yi, hutun da ya nema aka ba shi a rubuce. Amma jikinsa kawai ke wurin biki, hankalinsa yana can kan teburinsa.

Na yi shekaru ina aiki a sashen kuɗi, kuma takardun neman hutu da yawa sun bi ta gabana, na takarda da na imel. Kusan duk ɗinki ɗaya ne: gaisuwa, roƙo, ranar tafiya, godiya. Wasu kan ƙara layi guda a ƙasa cewa idan wani abu ya taso a kira su. A ganina wannan layin shi ne inda hutu yake mutuwa tun kafin a fara shi. Abin da nake so in kare a nan shi ne cewa saƙon neman hutu da bayanin miƙa aiki abu ɗaya ne, kuma a tare ya kamata su isa gaban manaja, a cikin imel guda.

Kada a ɗauka ina cewa hutu alfarma ce da ake saya da kyawun rubutu. Haƙƙi ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 18, ta ba ma'aikacin da take shafa, idan ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, ta kuma hana mai kamfani ya biya shi kuɗi a madadin hutun matuƙar yana kan aikinsa. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka a takardar ɗaukar aiki. A aikin gwamnatin tarayya, wanda yake mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara. Sai dai Dokar Ƙwadagon ta yarda a ɗage hutu idan ɓangarorin biyu sun amince, kuma a aikace, kwanakin naka ne amma zaɓen lokacin sai da yardar wanda yake riƙe da sashen. A wannan gaɓar ce imel ɗin yake yin aikinsa.

Manajan da ya buɗe saƙonka ba ya tunanin ko ka gaji. Abu na farko da ke faɗo masa shi ne abin da zai lalace idan ba ka nan, da wanda za a kama da laifi idan ya lalace, wato shi. Idan saƙon bai amsa wannan ba, ka bar masa aikin bincike: ya tuna abin da ke hannunka, ya duba kalanda, ya nemo wanda zai riƙe, ya lallashe shi. Mutumin da aiki ya yi wa yawa ba zai zauna yin wannan ba, sai ya ce maka "bari mu gani", ko ya yi shiru har ranar tafiyar ta matso. Yawancin hutun da na ga an ja wa rai, ba ƙeta ce ta jawo ba. Tsoro ne na wanda bai san me zai faru a bayanka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo, kuma a teburinka kai ne mai ɗakin.

Bari mu bi misali guda tun daga farko har ƙarshe. A ce ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani matsakaicin kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Ita take haɗa albashi, ita take tura kuɗin fansho da harajin albashi, ita take biyan masu kawo kaya. Za a yi bikin ƙanwarta bayan kaka, tana son mako biyu a farkon Nuwamba. Ba ta fara da rubutu ba. Ta buɗe kalanda ta bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kanta me yake cika wa'adi a kowace rana. Kamfanin yana biyan albashin Oktoba ranar Laraba 28 ga wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce a tura kuɗin fanshon ma'aikata cikin kwana 7 na aiki daga ranar da aka biya albashi, ka ga wa'adin ya faɗa Juma'a 6 ga Nuwamba ke nan, tana tsakiyar hutu. Harajin da ake cira daga albashi kuma ana tura wa hukumar haraji ta jiha zuwa ranar 10 ga watan da ya biyo baya, shi ma yana cikin hutun. Harajin VAT sai 21 ga wata, ta dawo kafin nan, amma rasitan da za ta yi lissafi da su a cikin kwanakin da ba ta nan za su riƙa shigowa. Da ta gama wannan, ta je ta zauna da abokin aikinta, suka yi magana ya amince. Sannan ta rubuta. A ofisoshinmu da Turanci aka fi rubuta irin wannan saƙo, a Nijar kuma da Faransanci, amma ginin ɗaya ne, ga shi da Hausa.

A kan saƙon ta sa: Neman hutun shekara, 2 zuwa 13 ga Nuwamba, da tsarin miƙa aiki.

"Assalamu alaikum, Yallaɓai. Ina neman izinin tafiya hutun shekara na kwana 10 na aiki, daga Litinin 2 ga Nuwamba zuwa Juma'a 13 ga Nuwamba. Zan dawo bakin aiki Litinin 16 ga Nuwamba in Allah ya yarda. Ina da sauran kwana 15 a bana, bayan wannan zai rage 5.

"Malam Wane ya amince zai riƙe teburina, mun zauna da shi jiya, kuma na sa shi a cikin wannan saƙo. Kafin in tafi zan gama albashin Oktoba, in tura kuɗin fansho ranar Alhamis 29 ga Oktoba, don kada wa'adinsa na 6 ga Nuwamba ya same ni ba na nan. Harajin albashi zan bar lissafinsa a kammale, Malam Wane zai shigar da biyan ranar Juma'a 6 ga Nuwamba, ana buƙatar amincewarka a banki kafin Talata 10 ga wata. Masu kawo kaya uku ne biyansu ya faɗa cikin kwanakin, sunayensu da adadin kuɗinsu suna cikin takardar da na haɗa. Biyu babu matsala a kansu. Na ukun, mai kawo man gas na janareto, adadin da ya rubuta ya haura abin da sito ya karɓa da lita 200, na rubuta masa bai amsa ba tukuna, ina ba da shawarar kada a biya shi sai an daidaita.

"Malam Wane zai iya fitar da kuɗin ƙananan buƙatu har naira dubu 50 a lokaci guda, abin da ya wuce haka zai kawo maka. Ina roƙon ka umarci sashen kwamfuta su buɗe masa damar shiga fayilolin albashi da sunansa daga 28 ga Oktoba, don mu gwada tare kafin in tafi. Makullin durowar cak zan miƙa maka hannu da hannu ranar Juma'a 30 ga wata. Rasitan VAT a tara su a fayil ɗinsu, ni zan yi lissafin idan na dawo.

"Ba zan riƙa duba imel ba a lokacin hutun. Idan banki ya ƙi biyan harajin kuma Malam Wane ya kasa warwarewa, a kira ni a waya da safe kafin ƙarfe 10. Ina fatan samun amsarka zuwa Juma'a 16 ga Oktoba don in tsayar da shirin tafiya. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Saƙon bai kai shafi ɗaya ba, ana karanta shi a waya cikin minti biyu. Abin da ya rage wa manaja shi ne ya rubuta "na amince", ko ya ce ga wurin da bai gamsu ba. Ko da ya ƙi, ƙin nasa zai zo da dalili takamaimai wanda za a iya gyarawa.

Ku duba yadda ta rubuta kwanakin. Ta ambaci ranar mako da ranar wata, ta faɗi adadin kwanakin aiki, ta kuma faɗi ranar dawowa daban. Na sha ganin rigima a kan wannan ɗan abin. Mutum ya rubuta "zuwa 13 ga wata", shi yana nufin ranar ce ta ƙarshe a hutunsa, oga kuma yana jiran ganinsa a ofis ranar da safe. Wani ya ce mako biyu, sashen kula da ma'aikata su cire masa kwana 14, alhali 10 ya ci. Idan akwai hutun gwamnati a tsakani, lissafin ya ƙara rikicewa, balle hutun Sallah da sai an ga wata ake tabbatar da ranarsa. Wanda hutunsa ya ratsa Sallah ya faɗa a saƙon yadda ya ƙirga, don a yi gardamar tun yana nan.

Ba ta faɗi dalilin hutun ba, kuma ina ganin ta yi daidai. Hutun shekara ba ya buƙatar hujja. Mu Hausawa muna da al'adar zuba dalilai idan muna neman abu a wurin na gaba, mu kawo biki, mu kawo jinyar tsohuwa, mu kawo gajiya, don a tausaya. Amma duk dalilin da ka ajiye a kan tebur ka ba da damar a auna shi, a ce ai biki kwana uku ya isa. Idan akwai zumunci tsakaninka da maigidanka, ka gaya masa da baki, har ka kai masa katin gayyata. Hutun jinya da na haihuwa daban ne, su dole a haɗa da takardar likita.

Inda na fi so a tsaya shi ne kan jimlar nan: "Malam Wane ya amince." Mutane da yawa suna rubuta sunan abokin aiki a matsayin mai riƙe musu tebur ba tare da sun gaya masa ba, sai dai ya ji a bakin oga ranar Litinin. Wannan cin amana ne ƙarami, kuma sakamakonsa a bayyane yake: wanda aka jibga wa kaya ba da saninsa ba zai yi abin da ya sawwaƙa kawai, ranar da shi ma ya tashi tafiya kuma kada ka yi mamakin abin da zai bar maka. Wasu kuma sukan rubuta "abokan aikina za su kula da komai". Aikin da aka bar wa kowa, babu wanda ya ɗauke shi. Kowane aiki yana son suna guda a gabansa. Sanya mutumin a layin CC shi ne shaida: ya ga abin da aka ce ya ɗauka, idan akwai abin da bai yarda da shi ba zai yi magana yanzu. Kuma zaman da suka yi ba na minti biyar a bakin ƙofa ba ne. Ta buɗe masa fayil, ya yi aikin da hannunsa tana kallo. A nan ake gano cewa abin da kake yi ido rufe, wani bai san ma ta inda ake farawa ba.

Sai bambanci tsakanin jera ayyuka da miƙa aiki. Takardun miƙa aiki da yawa kwafin takardar ɗaukar aiki ne: "haɗa albashi, biyan haraji, kula da masu kawo kaya." Manaja ya riga ya san wannan, shi ya ɗauke ka. Abin da bai sani ba shi ne halin da kowane abu yake ciki a yau, da ranar da zai zama matsala. Shi ya sa ta raba aikinta gida uku ba tare da ta ce tana rabawa ba. Akwai wanda za ta gama kafin ta tafi, kamar fansho, wanda ta jawo shi baya da mako guda saboda jinkirinsa yana jawo tarar da doka ta ce ba za ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata. Akwai wanda dole wani ya yi a bayanta, kamar harajin albashi, kuma ta sa a shigar da shi ranar 6 maimakon 10, domin duk wanda ya yi hulɗa da banki ya san ranar ƙarshe ita ce ranar da hanyar sadarwa take tsayawa. Akwai kuma wanda zai jira ta, kamar VAT. Wannan kashi na uku ana yawan mantawa da shi, alhali shi ne yake sauƙaƙa wa mai riƙon ƙwarya. Idan ba ka ce "wannan a bar shi" ba, zai ɗauka komai a wuyansa yake, ya taɓa abin da bai ƙware a kai ba, ka dawo ka tarar da gyara ya fi aikin yawa.

Maganar mai man gas ita ce mafi daraja a duk saƙon. Irin wannan bayani ba ya cikin kowane fayil, a kan mutum yake zaune: wane ne aka yi wa alkawari da baki, wane ne lissafinsa bai daidaita ba, wane ne zai zo da fara'a ya ce ai an riga an amince. Masu bin bashi sun san ranar da mai tebur ba ya nan. Wanda aka hana shi biya saboda lita 200 zai iya bayyana ranar Talatar farko ya sami baƙon hannu, ya karɓi kuɗinsa cif. Layi biyu a imel sun toshe wannan ƙofa. Na san abin da ke hana mutane rubuta irin wannan: suna jin kamar tona wa kansu asiri ne, a ga akwai abin da ba su kammala ba. Amma matsalar da ka faɗa da bakinka kafin tafiya, aiki ce da ke kan hanya. Wadda aka tono bayan ka tafi kuwa, sunanta sakaci, kuma ba ka nan balle ka kare kanka.

Akwai wani abu da ake yi a ofisoshinmu wanda nake adawa da shi ƙwarai, wato miƙa kalmar sirri. Mutum zai tafi hutu, sai ya rubuta kalmar sirrin kwamfutarsa a 'yar takarda ya manna a ƙarƙashin tebur, ko ya bar wa abokin aiki 'yar na'urar nan ta banki mai fitar da lambobi, ya ce ai ɗan'uwa ne. Duk abin da aka yi da sunanka a cikin kwanakin nan, a wurin odita kai ka yi shi. Idan kuɗi suka fita ba daidai ba, rajistar kwamfuta za ta nuna sunanka da lokacin, kuma cewa kana ƙauye wurin biki ba zai wanke ka ba, sai ma ya ƙara maka laifin bayar da abin da aka ba ka amana. Shi ma wanda ya karɓa ka jefa shi cikin zargi, ko da hannunsa tsarkakakke ne. Hanyar da ma'aikaciyar nan ta bi ita ce daidai: a buɗe wa mai riƙon damar shiga da sunansa, na ɗan lokaci, da umarnin manaja, kuma a gwada tun mai tebur yana nan. Ta nemi a buɗe daga 28 ga Oktoba, kwana uku na aiki kafin tafiyarta, saboda irin wannan buƙata takan kwana a sashen kwamfuta. Haka ma iyakar naira dubu 50. Wanda aka ba aiki ba a gaya masa iyakar ikonsa ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya riƙa kiranka a kan kuɗin sabulu, ko ya yanke hukuncin da ya fi ƙarfinsa.

Mu koma kan waya. "A kira ni idan wani abu ya taso" kalma ce mai daɗin ji, tana nuna biyayya. Amma "wani abu" ba shi da iyaka. Inda fayil yake wani abu ne, lambar wayar direba wani abu ce. Ita ta ambaci abu guda da ya isa a kira ta a kansa, ta faɗi hanya, ta faɗi lokaci. Wasu za su ga kamar tsaurin ido ne ƙaramar ma'aikaciya ta gaya wa oganta ba za ta duba imel ba. Ni ban ga haka ba, matuƙar ta share masa hanya kamar yadda ta yi. Ladabi yana cikin lafazi da cikin sauke nauyi, kuma ta cika duka biyun. A daren tafiya sai ta kunna amsar nan mai fita da kanta, wadda a Outlook ake kira Automatic replies, a Gmail kuma Vacation responder, ta rubuta ranar dawowarta da wanda za a nema a madadinta.

Wani zai ce me ya sa sai imel, alhali oga yana ofishin da ke kusa, ga kuma WhatsApp. Ka fara da baki, wannan shi ne mutunci, babba ba ya son ya fara jin tafiyarka a rubuce. Amma izinin baki yana da saurin gogewa. Oga zai iya mantawa, za a iya yi masa canjin wurin aiki kana tsakiyar hutu, wanda ya gaje shi ya tarar da kujera babu kowa kuma babu takarda. A aikin gwamnati rashin zuwa aiki ba da izini ba babban laifi ne da zai iya kai mutum ga kora. Don haka kada ka kama hanya sai amsar ta shigo a rubuce, kuma idan wurin aikinku yana da fom ko manhajar neman hutu, a cika ta, imel ɗin rakiya yake yi mata. Shi ya sa ma'aikaciyar nan ta sa ranar da take son amsa. Ta aika saƙon kusan mako uku kafin tafiya, ta bar wa kanta sararin tunatarwa cikin ladabi idan aka yi shiru.

Akwai ƙorafi biyu da nake ji a kan wannan ra'ayi, kuma ba na raina ko ɗaya. Na farko: tsara wanda zai riƙe aiki nauyin manaja ne, don me za a ɗora wa ma'aikaci? Gaskiya ne, hukuncin nasa ne. Abin da ma'aikaci yake kawowa shawara ce daga wanda ya fi kowa sanin teburin. Idan kuma babu wanda zai riƙe, saboda mutum ɗaya yake yin aikin mutum uku, to a rubuta hakan ƙarara: ga ayyukan da ba su da mai riƙewa, ina neman ka ba da wanda zan koya wa. Rashin ma'aikata matsalar kamfani ce, bai kamata ta cinye hutun kowa shekara bayan shekara ba, kuma manajan da ya mayar da "babu mai riƙewa" amsarsa ta kullum ya gaza a nasa aikin.

Na biyu ya fi zurfi, kuma ba a cika faɗarsa a fili ba. Mutum yana tsoron idan ya koya wa wani aikinsa, aka ga ofis ya tafi lafiya ba shi, za a ce ashe ba a buƙatarsa. A lokacin da aiki yake da wuyar samu, wannan tsoro ba wauta ba ne. Amma na ga inda yake kai mutane. Wanda ya ƙulle aikinsa a kansa ba ya samun hutu, ba ya samun zuwa kwas, kuma idan gurbin ƙarin girma ya fito sai a ce ai idan aka ɗaga shi wa zai riƙe wurin. A sashen kuɗi ma abin ya wuce nan. Masu binciken kuɗi sun daɗe da sanin cewa ma'aikacin da ba ya taɓa yarda ya bar teburinsa abin lura ne, domin ɓarnar da ake rufewa kullum takan fito ne idan wani hannu ya riƙe littafin na mako biyu. Shi ya sa bankuna da yawa suke tilasta wa ma'aikatansu tafiya hutu. Mai gaskiyar da ya ƙi miƙa aiki yana saka kansa a layin da ba nasa ba.

Duk wannan na hutun da aka shirya ne. Rasuwa ba ta ba da sanarwa, haka ciwon dare. Wanda aka kira da asuba aka ce mahaifinsa ya cika ba zai zauna rubuta shafi ba, kuma babu manaja mai imani da zai nema. Layi uku sun isa: an yi mini rasuwa, na kama hanya, abin da ke da wa'adi a makon nan shi ne kaza, wane ya san inda fayil yake. Amma layi ukun nan ba sa yiwuwa sai ga wanda tun a kwanakin lafiya yake ajiye 'yar takarda guda a inda abokan aiki za su iya buɗewa, yana sabunta ta duk Juma'a da abin da ke hannunsa da wa'adinsa.

Tafiyar aikin Hajji tana tsakanin biyun. An san da ita tun watanni, amma ranar tashi ba a hannun maniyyaci take ba. Jirgi kan matsa gaba ko baya, wani a kira shi sansanin alhazai da dare, dawowa ma haka, kuma mutum kan yi wajen wata guda ko fiye, wato aƙalla albashi ɗaya da duk wa'adodin da ke biye da shi za su wuce ba ya nan. Mai wannan tafiya ya rubuta ranar da ake sa ran tashi, ya faɗa a fili cewa za ta iya motsawa, sannan ya sa ranar kammala miƙa aiki mako guda kafin ta. Daga ranar mai riƙon shi ke kan tebur, maniyyaci yana gefe yana kallo yana gyara masa. Idan ya samu dama, ya bar shi ya haɗa albashin watan da ya gabata tun daga farko har ƙarshe, su gwada da nasa su ga inda suka saɓa. A layin waya kuma ya rubuta gaskiya: a kwanakin Mina da Arfa ba za a same shi ba, duk abin da ya taso a kai wa manaja.